Yadda ake sa kalandar waya ta riƙa tuna wa mutum kuɗin haya, lantarki da data a kan lokaci

A garin Azare, hedikwatar masarautar Katagum da ke arewacin Jihar Bauchi, magidanci mai albashi yakan kasance da biyan kuɗi kala huɗu ko biyar da ke dawowa a kai a kai, kuma kowanne da lissafin da yake bi. Kuɗin hayar gida ko na shago akasari shekara-shekara ake biya. Datar waya ta wata kwana 30 take yi. Zubin adashi yana bin ranar mako. Lantarkin da ake saye a mita kuwa ba ruwansa da kwanan wata, sai dai yawan abin da aka sha. Wanda ya ɗauki duk waɗannan a matsayin abin da ke zuwa “duk wata” zai tarar da wasu sun riga shi, wasu kuma sun wuce ba tare da wayarsa ta yi ko motsi ba.

Manhajojin kalanda da ke cikin wayoyin salula, irin su Google Calendar da Outlook da kalandar wayoyin Apple, suna da tsarin maimaita tunatarwa wanda zai iya ɗaukar kusan duk waɗannan lissafai. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya san wace ƙa'idar maimaici ce ta dace da wane biya, ya kuma san wuraren da ƙa'idar ke yin abin da ba a yi tsammani ba.

Abin da kalanda ke ajiyewa a zahiri

Idan mutum ya ce wa kalanda ta riƙa tuna masa wani abu duk wata, manhajar ba ta rubuta abin sau goma sha biyu a cikin shekara. Abu ɗaya take ajiyewa, tare da ranar farawa da kuma gajeriyar ƙa'ida da take lissafa sauran ranakun da ita. Tsarin rubuta wannan ƙa'ida yana cikin wata takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 5545, wadda aka fitar a shekarar 2009 domin maye gurbin ta 1998. Wannan ne ya sa tunatarwar da aka shirya a wata manhaja take iya buɗuwa a wata daban.

Ƙa'idar tana amsa tambayoyi uku. Ta farko, da me ake awo: kwana, mako, wata ko shekara. Ta biyu, bayan nawa ake maimaitawa: duk wata ɗaya, ko duk wata uku, ko duk kwana 30. Ta uku, yaushe za a daina: ba ranar dainawa, ko a wata rana da aka ambata, ko bayan wani adadi. Misali, ƙa'idar “ranar 28 ga kowane wata, sau goma” haka take a rubuce a cikin manhajar:

```
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYMONTHDAY=28;COUNT=10
```

Mai waya ba ya bukatar rubuta wannan da hannunsa a yawancin lokuta. A Google Calendar, idan ya buɗe sabon abu zai ga wurin da aka rubuta “Does not repeat”. Idan ya taɓa wurin, zaɓi zai fito na kullum, na mako, na wata da na shekara, sannan a ƙasa akwai “Custom”, inda ake saka adadin kwanaki ko watanni da kuma lokacin dainawa. Yawancin kura-kuran da ake yi suna faruwa ne saboda an tsaya a zaɓin farko da ido ya gani, ba a shiga “Custom” ba.

Domin a ga yadda abin ke aiki, bari mu ɗauki misalin wani malamin makaranta da ke zaune a gidan haya a Azare, mu bi biyan kuɗinsa ɗaya bayan ɗaya a shekarar 2026. Adadin kuɗin da za a ambata na misali ne kawai.

Wata guda daban, kwana 30 daban

Kamfanonin sadarwa na Najeriya suna kiran wasu tsare-tsarensu na data da sunan “na wata”, amma wa'adin da suke bayarwa kwana 30 ne. Watannin Miladiyya kuwa bakwai daga cikinsu kwana 31 suke yi, huɗu kwana 30, Fabrairu kuma 28 ko 29. Bambancin kwana ɗaya ba ya tsorata kowa, amma taruwa yake yi.

A ce malamin ya sayi data ranar Litinin, 5 ga Janairu, 2026, kuma yana sabuntawa a duk ranar da wa'adin ya cika. Sabuntawa ta gaba za ta faɗo ranar 4 ga Fabrairu, sai 6 ga Maris saboda gajartar Fabrairu, sai 5 ga Afrilu, 5 ga Mayu, 4 ga Yuni da 4 ga Yuli. Daga nan tazarar za ta ci gaba da buɗewa: 3 ga Agusta, 2 ga Satumba, 2 ga Oktoba, 1 ga Nuwamba, 1 ga Disamba, sannan 31 ga Disamba. Ke nan a cikin shekara guda zai sayi data sau 13, kuma sau biyu daga ciki a watan Disamba.

Da ya sa wa kalanda “ranar 5 ga kowane wata”, abin zai yi kamar yana tafiya daidai har zuwa watan Mayu. A Agusta tunatarwar za ta makara da kwana biyu, a Nuwamba da Disamba kuma da kwana huɗu. A wasu tsare-tsaren, ragowar datar da ba a yi amfani da ita ba tana bin mutum zuwa sabon wa'adi ne kawai idan ya sabunta a kan lokaci, don haka makarar kwana huɗu tana iya jawo asarar abin da aka riga aka biya.

Gyaran shi ne a auna da kwana. A cikin “Custom”, sai a saka 30 a wurin adadi, a zaɓi “days” maimakon “month”. A rubuce, ƙa'idar ita ce:

```
RRULE:FREQ=DAILY;INTERVAL=30
```

Sannan a sa sanarwa ta zo kwana ɗaya kafin ranar, domin a samu damar saka kuɗi a layi ko a asusu.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne muddin ana sabuntawa a ranar da ta dace. Idan datar ta ƙare tun a kwana na 22 aka sayi sabuwa, ko kuma aka yi jinkirin kwana uku, sarƙar ta tsinke, duk ranakun da ke gaba sun zama kuskure. A nan sai a duba ainihin ranar ƙarewa, wadda ke zuwa a saƙon kamfani ko kuma a same ta ta hanyar danna *323#, lambar duba ragowar data da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita ga dukkan layuka a 2023. Daga nan a buɗe tunatarwa ta gaba, a canja mata rana, kuma idan manhajar ta tambaya, a zaɓi “This and following events”. Zaɓin “This event” rana ɗaya kawai yake gyarawa, ya bar sauran a karkace. Zaɓin “All events” kuma yana taɓa har da waɗanda suka wuce.

Haka ya kamata a yi da kuɗin dikoda da sauran abubuwan da ake sabuntawa: a dubi ranar ƙarewa a saƙo biyu ko uku a jere. Idan kwanan watan bai canjawa, to lissafin wata ne. Idan yana ja baya kaɗan-kaɗan, lissafin kwana ne.

Matsalar ranar 31

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin ba makara tunatarwar ke yi ba, ɓacewa take yi gaba ɗaya. A gidajen haya da dama, inda 'yan haya ke karo-karon kuɗin wuta ko na mai gadi, akan ce a biya “ƙarshen wata”. Mutum ya buɗe kalanda a watan Janairu, ya ga ƙarshen wata 31 ne, ya zaɓi ranar, ya ce a maimaita duk wata.

Ƙa'idar RFC 5545 ta ce duk ranar da lissafi ya fitar amma babu ita a kalanda, kamar 31 ga Afrilu ko 30 ga Fabrairu, tsallake ta za a yi. Manhajar da ta bi wannan sau da ƙafa za ta tuna wa mutum sau bakwai ne kawai a shekara, ta yi shiru a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Manhajar Outlook tana mayar da tunatarwar zuwa ranar ƙarshe ta gajeren watan. Tunda manhajoji sun sha bamban a kan wannan, hanyar tabbatarwa ita ce mutum ya buɗa shafin Fabrairu da na Afrilu da zarar ya gama sakawa, ya ga ko abin ya fito.

Mafita mafi sauƙi ita ce a guji 29, 30 da 31. Ranar 28 tana cikin kowane wata na kowace shekara, kuma tuna wa mutum bashi kwana biyu ko uku kafin lokaci ba ya cutar da shi. Wanda kuwa yake son ainihin ranar ƙarshe ta wata, akwai ƙa'idar da ke ƙirgowa daga baya, inda -1 ke nufin ranar ƙarshe. Ba kowace manhaja ce ke nuna wannan zaɓi a waya ba, amma ana iya shigar da shi ta hanyar ɗan ƙaramin fayil. A rubuta waɗannan layuka a kwamfuta, a ajiye su da suna mai ƙarewa da .ics:

```
BEGIN:VCALENDAR
VERSION:2.0
PRODID:-//Gida//Tuni//HA
BEGIN:VEVENT
UID:wuta-2026@gida
DTSTAMP:20260101T080000Z
DTSTART;VALUE=DATE:20260131
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYMONTHDAY=-1
SUMMARY:Karo-karon kudin wuta
END:VEVENT
END:VCALENDAR
```

Daga nan a buɗe Google Calendar a kwamfuta, a shiga “Settings”, sannan “Import & export”, a ɗora fayil ɗin. Zai sauko waya da kansa idan asusun ɗaya ne. Bayan an ɗora, a buɗe abin a tabbatar akwai lokacin sanarwa a jikinsa, a kuma guji taɓa wurin maimaicin, domin sake zaɓa daga jerin da manhajar ke nunawa yana goge ƙa'idar da aka shigar.

Irin wannan matsala tana samun wanda yarjejeniyarsa ta fara ranar 29 ga Fabrairu, kamar ta 2024. Maimaicin shekara-shekara a wannan rana yana iya yin shiru har sai 2028. Shi ma 28 ga wata ce mafitarsa.

Kuɗin haya: tunatarwa uku ga biya ɗaya

Hayar shekara ita ce mafi nauyi a aljihu, kuma ita ce wadda tunatarwar rana guda ba ta da amfani a kanta. Idan waya ta yi ƙara da safiyar ranar da haya ta cika, ba ta gaya wa ɗan haya komai ba face abin da mai gida ko dillali zai zo ya gaya masa da yamma. Akwai kuma iyaka a manhajar: Google Calendar ba ta yarda a sa sanarwa fiye da mako huɗu kafin ranar abu, kuma sanarwa biyar ce iyakar abin da abu ɗaya zai ɗauka. Wanda yake son a tuna masa wata uku kafin lokaci, dole ya buɗe wani abu daban.

A ce hayar malamin Naira 300,000 ce a shekara, kuma tana cika ranar 1 ga Maris. Ya biya ta 2026, yana fuskantar ta ranar Litinin, 1 ga Maris, 2027. Abubuwa uku zai saka.

Na farko shi ne ranar cikar hayar kanta: 1 ga Maris, maimaici duk shekara, da sanarwa mako huɗu kafin ranar, da wata mako ɗaya kafin ranar. A wurin bayani zai rubuta adadin kuɗin, da ranar da ke jikin rasit ɗin bara, da kuma inda ya ajiye rasit ɗin. Ranar da za a saka ita ce wadda ke rubuce a yarjejeniya. Mutane da yawa suna ƙirgawa daga ranar da suka tare, alhali mai gida yana ƙirgawa daga ranar da aka biya ko aka karɓi makulli, kuma tsakanin biyun ana iya samun makonni.

Na biyu shi ne ranar tuntuɓa: 1 ga Disamba, ita ma duk shekara. Aikinta shi ne ɗan haya ya samu mai gida ya ji ko akwai ƙari a shekara mai zuwa, ko kuma shi ya sanar idan yana da niyyar tashi. Wata uku ya isa a nemi wani gidan ko a nemo cikon kuɗi.

Na uku shi ne tanadi. Lissafin da ke fara zuwa zuciya shi ne a raba 300,000 gida 12, a riƙa ware 25,000 duk wata. Amma idan aka fara ranar 28 ga Maris, 2026, zubi na goma sha biyu zai faɗo ranar Lahadi, 28 ga Fabrairu, 2027, wato jajibirin ranar biya. Jinkirin albashi na kwana uku kawai ya isa ya rushe shirin. Idan kuwa aka raba gida goma, aka riƙa ware 30,000, zubin ƙarshe zai kasance ranar 28 ga Disamba, 2026, a bar watanni biyu na sarari. Idan a tuntuɓar Disamba mai gida ya ce hayar ta koma 350,000, albashin Janairu da na Fabrairu za su cike giɓin da 25,000 kowanne. Wannan ita ce ƙa'idar da aka nuna a farko, mai COUNT=10. A waya ana samun ta a “Custom”, inda za a zaɓi dainawa bayan sau goma. Ranar farko tana cikin ƙirgen, don haka Maris ne na ɗaya, Disamba na goma.

Ɗaliban da ke kama ɗaki a wajen makaranta, kamar na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ko Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, su lura da abin da yarjejeniyarsu ta ce. Idan hayar ta zangon karatu ce, ba ta bin kwanan wata tsayayye, domin jadawalin makaranta yana motsawa. A irin wannan hali gara a saka rana guda ba tare da maimaici ba, a sabunta ta da hannu idan sabon jadawali ya fito.

Adashi da ranakun mako

Adashi ya dace da maimaicin da ke da iyaka, tunda yawan zubi daidai yake da yawan masu zubi. Idan mutum goma ne, sau goma za a zuba. Wurin da ake samun tangarɗa shi ne tsakanin “Juma'a ta huɗu” da “Juma'ar ƙarshe” ta wata. A yawancin watanni rana ɗaya ce, amma a shekarar 2026 watanni huɗu suna da Juma'a biyar: Janairu, Mayu, Yuli da Oktoba. A Janairu, Juma'a ta huɗu 23 ga wata ce, ta ƙarshe kuma 30. Wanda ya zaɓi ta huɗu alhali uwar adashi ta ƙarshe take nufi zai samu tunatarwa mako guda kafin lokaci, har ya mance kafin ranar ta zo. Ƙa'idar Juma'ar ƙarshe ita ce:

```
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYDAY=-1FR;COUNT=10
```

Manhajar takan nuna zaɓin “last” ne idan ranar da aka fara da ita ta kasance ta ƙarshe a watanta, don haka a fara sakawa daga irin wannan rana.

Amfanin saka lambar ƙirge bai tsaya ga adashi ba. Duk bashin da ake biya kashi-kashi, na ƙungiyar ma'aikata ne ko na babur, yana da adadi sananne. Tunatarwar da ba ta da ranar dainawa tana ci gaba da ƙara bayan an gama biya, kuma wayar da ke yawan ƙara a kan abin da ya wuce tana koya wa mai ita ya daina kula ta.

Lantarki: abin da kwanan wata ba ya iya faɗa

Jihar Bauchi tana ƙarƙashin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, wato JED, tare da jihohin Filato, Gombe da Binuwai. Wanda ake kawo wa takardar bil yana da ranar biya a rubuce, kuma tunatarwar wata-wata ta ishe shi. Mai mitar da ake sa wa kuɗi tukuna kuwa ba shi da ranar biya. Yunit ɗinsa yana ƙarewa ne gwargwadon yawan wutar da aka kawo da yawan kayan da aka kunna. Yunit 120 zai kai kwana 30 a gidan da ke shan huɗu a rana, amma a watannin bazara, lokacin da fanka da firiji ba su hutawa, idan shan ya kai shida, kwana 20 zai yi.

Don haka abin da ya dace a maimaita a nan shi ne dubawa, sau ɗaya a mako. A sa tunatarwa duk Asabar da safe, a karanta abin da ya rage a mita, a rubuta shi a wurin bayani. Idan makon jiya 70 ne, yau 42, an sha 28 a kwana bakwai, wato huɗu a rana, kuma ragowar za ta kai kwana goma. Ƙa'idar da mutum zai kafa wa kansa ita ce: duk Asabar da ragowar ba za ta kai Asabar mai zuwa da rarar kwana biyu ko uku ba, ranar ce ranar saye.

Lissafin Hijira

A Katagum, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai alƙawuran da ke bin watan Musulunci: cikar shekarar zakka, bashin da aka ce “bayan Babbar Sallah”, ko hayar da aka ƙulla a kan Muharram. Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, don haka maimaicin shekara na Miladiyya yana makara da kwana goma zuwa sha biyu a shekarar farko, ya ninka a ta biyu. Azumin Ramadan a Najeriya ya kama ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, sannan 1 ga Maris a 2025. Wanda ya sa tunatarwar shekara-shekara a 23 ga Maris zai ji ƙarar waya a 2025 bayan an kai azumi ashirin da biyu.

An fitar da ƙarin ƙa'ida a 2015, mai lamba RFC 7529, wadda ta ba da damar maimaici bisa kalandojin da ba na Miladiyya ba. Sai dai kalandar Hijira ta cikin na'ura lissafi take bi, a Najeriya kuwa tsayuwar wata tana tabbata ne da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi bayan rahoton ganin wata, kuma ana iya samun bambancin kwana ɗaya ko biyu. Hanya mafi aminci ita ce a saka rana guda, kwana 354 bayan ta bana, da sanarwa mako biyu kafin lokaci, sannan a daidaita ta idan sanarwa ta fito daga Sakkwato.

Idan waya ta yi shiru

Ƙa'ida tana iya zama daidai, amma sanarwa ta ƙi zuwa. Dalili na farko shi ne tsarin tattalin batir. Wayoyi da yawa da ake amfani da su a nan suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage domin caji ya daɗe, kuma kalanda tana cikin waɗanda abin ke shafa. A shiga “Settings”, sannan “Apps”, a zaɓi manhajar kalandar, a cire mata takunkumin batir, a kuma tabbatar an ba ta izinin sanarwa, wanda tun daga Android 13 sai mai waya ya amince kafin manhaja ta samu. Sunayen wuraren suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a saka tunatarwa ta minti goma masu zuwa, a kulle wayar, a ajiye ta, a ga ko za ta yi ƙara.

Dalili na biyu shi ne wurin ajiya. Wasu wayoyi suna ajiye abubuwa a kalandar cikin wayar kanta. Idan wayar ta ɓace, ko ta lalace aka goge ta a wurin mai gyara, duk tunatarwar ta tafi. A lokacin sakawa, a duba cewa adireshin imel ne ke saman abin. Da zarar abin ya sauka a waya, sanarwarsa tana zuwa ko da babu data a wannan lokaci. Google ta daina aika sanarwar kalanda ta saƙon tes tun a 2019, don haka mai ƙaramar waya ba zai samu ta wannan hanya ba.

Dalili na uku ba na na'ura ba ne. Sanarwar abin da aka saka a matsayin “Event” tana zuwa sau ɗaya, mutum ya share ta yana kan babur ko yana cikin aji, shi ke nan ta wuce. Wanda aka saka a matsayin “Task” kuwa yana nan a jerin abubuwan da ba a kammala ba har sai an taɓa alamar gamawa, kuma shi ma yana karɓar maimaici. Ga biyan kuɗin da mutum ɗaya ke yi, kamar data da tanadin haya, wannan ya fi dacewa. Ga abin da ake son maigida da uwargida ko abokan shago su gani tare, “Event” ɗin da aka gayyaci ɗayan a cikinsa ya fi. Lokacin sanarwa ma yana da tasiri: a zaɓi sa'ar da mutum ke zaune kuma zai iya biya nan take, kamar bayan sallar Isha'i.

A ƙarshe, wurin bayani na kalanda ba ma'ajiyar sirri ba ce, domin duk wanda ya ɗauki wayar ko aka gayyata yana iya karantawa. Lambar mita, lambar dikoda da adadin kuɗi suna iya zama a wurin, saboda suna sauƙaƙa biya. Lambar sirrin katin banki da kalmar shiga manhajar banki kuwa ba su da gurbi a ciki. Bayan kowane biya, a rubuta ranar da aka biya da lambar rasit a jikin tunatarwar wannan watan kaɗai, ta hanyar zaɓin “This event”, yadda idan wata rana gardama ta taso da dillali ko uwar adashi, za a san rasit ɗin da za a nemo.